Gwajin Cike Gurbi: Me Yake Aunawa, Nahawu ko Fahimta?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya bi ta makarantar boko a Maraɗi ya san aikin nan da mushe yakan rubuta a allo, jimla ko gajeren labari da aka cire wasu kalmomi aka bar layi a mazauninsu. A darasin Faransanci ana kiransa da sunan da ke nufin rubutu mai ramuka, a darasin Hausa kuwa cike gurbi ake cewa. Malamai suna son sa domin ba ya cin kuɗi, shirya shi ba wuya, gyaransa ma ba ya ɗaukar lokaci. Sai dai sauƙin nan yakan ɓoye wata tambaya mai nauyi: idan yaro ya ci shida cikin goma, me aka gano game da shi? Nahawu ya iya, ko labarin ya fahimta, ko kuwa karin harshensa ne ya yi daidai da na wanda ya shirya amsoshin?

Tambayar ta ƙara muhimmanci a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk inda aka koyar da karatu da Hausa dole a auna shi, kuma cike gurbi na cikin ma'aunan da suka fi kusa da hannun malami. Wannan maƙala za ta nuna cewa gwajin yana auna nahawu da fahimta tare, amma rabon kowanne ya danganta da abu biyu: gurbin da aka zaɓa, da kuma amsar da aka yarda da ita. Za a bi gajeren matani guda ɗaya, gurbi bayan gurbi, domin a ga yadda abin yake.

Asalin gwajin

Tun a 1897 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya ba yaran makarantun birnin Breslau matanin da aka cire wa gaɓoɓi da kalmomi domin ya auna kaifin tunaninsu. Amma sigar da aka sani yau ta fito ne daga Wilson L. Taylor na Jami'ar Illinois ta Amurka a 1953. Shi ya raɗa wa dabarar sunan da ake furtawa "kuloz", wanda ya samo daga wani ra'ayi na masana halayyar ɗan Adam cewa ƙwaƙwalwa takan rufe giɓi da kanta. Idan aka zana da'irar da ba ta gama haɗewa ba, ido zai gan ta a matsayin da'ira. Haka mai jin Hausa, idan ya ji an ce "sannu da" aka yi shiru, ya riga ya tanadi "zuwa" ko "aiki" ko "rana" a ransa.

Abin lura shi ne, Taylor bai ƙirƙiro dabarar don auna ɗalibi ba. Rubutu yake son aunawa, ya gane wanne ne mai sauƙin karantawa, wanne ne mai tsauri. Daga baya aka juya ma'aunin ya koma kan mai karatu, musamman mai koyon baƙon harshe. A shekarun 1970 John Oller ya zama babban mai kare shi. A ganinsa, iya harshe shi ne iya hasashen abin da zai biyo baya, kuma mai cike gurbi yana amfani da nahawu da ma'anar kalmomi da sanin duniya a lokaci guda, kamar yadda yake yi a hira ta yau da kullum. Wannan shi ya bambanta gwajin da tambayoyin nahawu masu zaman kansu, waɗanda kowace take auna ƙa'ida ɗaya tak.

Yadda ake shirya shi

Tsohuwar hanya ita ce ta ƙidaya. Ana zaɓar matani mai cikakkiyar ma'ana wanda ɗalibai ba su taɓa karantawa ba. Jimlar farko da ta ƙarshe ana barinsu yadda suke, domin mai karatu ya san inda aka dosa. Daga nan sai a riƙa cire kowace kalma ta biyar, ko ta shida, ko ta bakwai, ba tare da duba ko wace iri ce ba. Layukan da za a sa a guraben su zama masu tsawo ɗaya, kada tsawon layi ya tona tsawon kalma. An fi son a sami gurabe kamar 50, wato matani mai kalmomi 250 zuwa 350, domin gurabe kaɗan ba sa ba da sakamakon da za a dogara da shi.

Matanin da ke biye ya gaza haka da gangan, saboda a sami damar duba kowane gurbi. An cire kowace kalma ta bakwai bayan jimlar farko.

"Malam Isa manomi ne a Jiratawa, kusa da Gulbin Maraɗi. Da damina ta wuce, sai ya (1) ______ albasa da zogale. Ƙanwarsa Hadiza ce (2) ______ kai amfanin gonar babbar kasuwar Maraɗi. (3) ______ rana injin ban-ruwa ya lalace, shuka (4) ______ fara yin yaushi. Da sauran manoma (5) ______ ji labari, sai ɗayansu ya ara (6) ______ Isa nasa. Albasa ta yi kyau, (7) ______ Hadiza ba ta sami riba sosai (8) ______, domin kaya sun yawaita, farashi ya (9) ______. Daga baya Isa ya mayar da (10) ______ ga mai shi. Ya ce baɗi zai sayi sabo."

Kalmomin da aka cire, bi da bi, su ne: shuka, take, Wata, ta, suka, wa, amma, ba, faɗi, injin.

Abin da kowane gurbi yake nema

Hanya mafi amfani ta fahimtar gurbi ita ce a tambayi nisan da ido zai yi tafiya kafin ya sami amsa. Idan aka yi haka, guraben nan goma sun rabu gida uku.

Gida na farko shi ne guraben da kalmomin kusa suka isa su cike su. Gurbi na 3 yana gaban "rana", kalma mai jinsin mace, don haka "Wata" ce za ta shiga, ba "Wani" ba. Gurbi na 4 ya biyo bayan "shuka", ita ma mace ce, sai lamirin suna "ta". Gurbi na 8 shi ne rabin ƙarshe na korewar "ba ... ba", kuma duk wanda ya ga "ba ta sami" ya san akwai wata "ba" da ke jira a gaba. Gurbi na 6 yana tsakanin aikatau "ara" da suna "Isa", wurin da harafin "wa" yake zama. "Masa" ba za ta shiga ba tun da sunan yana nan a fili.

Gurabe na 2 da na 5 su ma na wannan gida ne, amma sun fi zurfi. A na 2 an ja hankali kan Hadiza da dirka "ce", kuma bayan irin wannan gini Hausa ba ta yarda da "tana" ba, sai "take" ko "ke". Ana cewa "Hadiza tana kaiwa", amma "Hadiza ce take kaiwa". A na 5, "da" mai nuna lokaci tana jawo shuɗaɗɗen lokaci na biyu, shi ya sa ake cewa "da manoma suka ji", ba "da manoma sun ji" ba. Duk da zurfinsu, ana iya cike waɗannan gurabe shida ko da an rufe sauran labarin da tafin hannu. Nahawu suke aunawa.

Gida na biyu shi ne guraben da ke buƙatar a haɗa sassan jimla guda. A gurbi na 7, sai mai karatu ya riƙe cewa albasa ta yi kyau, sannan ya leƙa gaba ya ga riba ba ta samu ba, ya gane akwai saɓani tsakanin abin da ake zato da abin da ya faru. Wannan saɓani shi ke kiran "amma". A gurbi na 9, nahawu bai faɗi komai ba illa cewa aikatau ne zai shiga. "Farashi ya tashi" jimla ce lafiyayya kamar "farashi ya faɗi". Abin da ya kore "tashi" shi ne "domin", da rashin riba, da sanin cewa idan kaya suka yi yawa a kasuwa kuɗinsu sauka yake yi.

Gida na uku shi ne guraben da sai an tsallaka jimla. A gurbi na 1, "sayi" ta dace da nahawu sarai, har ma tana nuna an san siffar da aikatau "saya" yake ɗauka gaban suna. Abin da ya rushe ta yana cikin jimlar farko, inda aka ce Isa manomi ne, da ta uku, inda aka ambaci amfanin gona. Gurbi na 10 ya fi kowanne nisa. Mai karatu zai koma baya ga "nasa", ya gane cewa "nasa" tana nufin injin maƙwabci, ya tuna cewa aro aka yi, kuma abin aro mayarwa ake yi. Wanda ya bi labarin daga farko ne kaɗai zai rubuta "injin" da tabbaci.

Saboda haka, a wannan matani gurabe shida na nahawu ne, huɗu na fahimta. Ba malami ne ya zaɓi wannan rabo ba, ƙidaya ce ta faɗa a kansa.

Gusa ƙidaya da kalma ɗaya

A ɗauka an fara cirewa daga kalma ta shida maimakon ta bakwai, sannan aka ci gaba da tazarar bakwai-bakwai kamar da. Matani bai canza ba, yawan gurabe bai canza ba, amma kalmomin da za su fita su ne: ya, ce, Maraɗi, shuka, manoma, ara, kyau, sosai, ya, da. Yanzu huɗu ne kawai na nahawu zalla. Sauran shida kalmomi ne masu ɗauke da ma'ana, kuma wasunsu ba su da amsa ɗaya. A mazaunin "Maraɗi" yaro zai iya rubuta "gari" ko "Tibiri", a mazaunin "manoma" zai iya sa "mutane" ko "maƙwabta", kuma babu mai cewa ya yi kuskure.

Wannan shi ne abin da J. Charles Alderson ya nuna a 1979, lokacin da ya gwada matani iri ɗaya da tazara daban-daban, ya ga sakamakon yana sauyawa ta hanyar da ba a iya hasashe. Abin da ya fito fili shi ne, dabarar cike gurbi hanya ce ta ƙera gwaji, kuma kowane gwajin da ta haifar sai an duba shi da kansa kafin a san abin da yake aunawa. A 1982 Timothy Shanahan da abokan aikinsa sun yamutsa jerin jimlolin matani, suka ga makin masu cikewa bai sauya sosai ba, alamar cewa yawancin gurabe ba sa buƙatar a tsallaka jimla. Lyle Bachman kuwa, a 1985, ya gwada hanyar zaɓe da gangan, inda mai shirya gwaji yake ware guraben gwargwadon nisan da amsarsu take buƙata. Rabe-raben gida uku da aka yi a sama daga irin wannan tunani ya samo tushe.

Hausa tana da nata dalilin da ke ƙara wa ƙidaya rauni. Kusan kowane aikatau yana tafe da lamirin suna a gabansa, irin su ya, ta, sun, suka, kuma ana rubuta su a ware. Don haka ƙananan kalmomin nahawu suna da yawa a kowane layi, ƙidaya kuma tana yawan faɗawa kansu. Ƙa'idar rabawa da haɗa kalmomi ma tana taka rawa. "Zai" kalma ɗaya ce, "za ta" biyu; "bai" ɗaya ce, "ba ta" biyu. Da a ce ƙanen Isa ne ya kai kaya kasuwa ba ƙanwarsa ba, "bai sami" za ta rage kalma ɗaya, duk guraben da ke bayanta su gusa, gwajin ya zama wani daban.

Ɗalibai uku, maki iri biyu

Akwai hanya biyu ta ba da maki. Ta farko ba ta karɓar komai sai ainihin kalmar da aka cire. Ta biyu tana karɓar duk kalmar da ta dace da nahawu da ma'anar labarin. Domin a ga bambancinsu, a ƙaddara ɗalibai uku sun cike matanin Jiratawa.

Ɗaliba ta farko ƴar Tibiri ce, ta tashi da Gobiranci. Ta rubuta: dasa, ke, Wata, ta, sunka, ma, amma, ba, hwaɗi, injin. Ɗalibi na biyu ɗan cikin garin Maraɗi ne, ya saba da daidaitacciyar Hausa ta littafi da rediyo, amma yana cike kowane gurbi ba tare da waiwaye ba. Ya rubuta: sayi, take, Wata, ta, suka, wa, kuma, ba, tashi, buhun. Ɗalibi na uku ya tashi da Zabarmanci, harshen da ba ya raba sunaye zuwa namiji da mace, a Maraɗi ya koyi Hausa. Ya rubuta: shuka, tana, Wani, ya, sun, masa, amma, ba, sauka, injin.

Idan aka yi gyara da hanya ta farko, ɗan Maraɗi ne kan gaba da maki 6, ƴar Tibiri ta sami 5, na uku ya sami 4. Idan aka yi da hanya ta biyu, ƴar Tibiri ta ci 10, ɗan Maraɗi yana nan a kan 6, na uku ya hau 5 saboda an karɓi "sauka". Takardu ba su canza ba, amma wadda ta zo ta biyu da rabin maki ta koma ta ɗaya ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Jimillar maki ma, ko ta wace hanya aka same ta, tana ɓoye abu mafi amfani. Idan aka raba makin gida biyu, ɗan Maraɗi ya ci dukkan guraben nahawu shida, bai ci ko ɗaya cikin huɗun fahimta ba. Ɗalibi na uku ya ci ɗaya tak a nahawu, amma ya ci dukkan huɗun fahimta. Maki 6 da maki 5 suna kusa da juna a takarda, alhali matsalolin yaran biyu ba su haɗu a ko'ina ba. Ɗaya yana buƙatar a koya masa riƙe zaren labari, ya riƙa tambayar kansa wa ake nufi, me ya faru kafin nan. Ɗayan yana buƙatar atisaye kan jinsi da kan bambancin "sun" da "suka". Malamin da ya tsaya ga jimilla zai ba su magani ɗaya.

Alamar gane kowane iri tana cikin kuskuren kansa. Idan amsa ta yi daɗi a cikin jimlarta amma ta ci karo da sauran labari, kamar "farashi ya tashi", matsalar ta fahimta ce. Idan amsa ta nuna an gane abin da ake nufi amma siffarta ta karkace, kamar "Hadiza ce tana kai", matsalar ta nahawu ce. Idan kuwa siffar ta bi ƙa'ida a wani yanki na ƙasar Hausa, babu matsala ko kaɗan a wajen ɗalibi.

Karin harshe da takardar amsoshi

Batun ƴar Tibiri ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarautar Katsina ta Haɓe ta kafu a Maraɗi, ta Gobir kuma ta kafu a Tibiri, tazarar ƴan kilomita tsakaninsu. Har yau ana jin kamannun Hausar yamma a bakin mutanen yankin: "sunka" da "munka" a mazaunin "suka" da "muka", "ma" a mazaunin "wa" gaban suna, "hwa" a mazaunin "fa", "tahi" a mazaunin "tafi". Daidaitacciyar Hausa kuwa an gina ta ne bisa karin Kano.

Wadda ta rubuta "sunka" a gurbi na 5 ta yi daidai abin da gurbin yake nema: ta gane cewa "da" mai nuna lokaci tana buƙatar shuɗaɗɗen lokaci na biyu, ta kuma zaɓi jam'i. Ƙa'idar da ke bayan "sunka" ita ce ke bayan "suka". Kuskure na gaskiya shi ne "sun". Idan takardar amsoshi ta soke "sunka" da "sun" da jan biro ɗaya, ta haɗa wadda ta san ƙa'ida da wanda bai sani ba. Haka "dasa" a gurbi na 1. Manomin albasa yakan fara yayyafa iri ne a ƙaramin fili, sannan ya cire ya dasa, don haka yaron da ya tashi a lambunan Jiratawa zai iya ganin "dasa" ta fi "shuka" dacewa, kuma iliminsa ne ya kai shi ga hakan.

Wannan bai hana malami koyar da daidaitacciyar Hausa ko auna ta ba. Abin da ake bukata shi ne ya san wanne yake aunawa, ya kuma sanar da ɗalibai tun farko. Idan manufa ita ce a san ko yaro ya iya rubuta daidaitacciyar siffa, a faɗa a cikin umarni, a ware mata maki na dabam. Idan manufa fahimtar karatu ce, siffar karin harshe amsa ce karɓaɓɓiya. Hanyar tabbatar da adalci ita ce a fara ba da matanin ga manya masu iya karatu daga Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, a tattara duk abin da suka rubuta, a gina jerin amsoshin da aka yarda da su kafin ranar gwaji. Duk gurbin da ƙwararrun masu karatu suka watse a kansa zuwa amsoshi barkatai, a cire shi. Amsa irin "kuma" a gurbi na 7, wadda wani malami zai karɓa wani ya ƙi, a yanke hukuncinta a wannan mataki, kada a bar ta ga ra'ayin mai gyara.

Iyakokin da ya kamata a sani

Iyaka ta farko ta shafi rubutun Hausa kansa, wanda ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ta" da ke gurbi na 4 rubutu ɗaya ne ga siffofi uku: mai dogon wasali ta shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, mai gajeren wasali da karin sama ta shuɗaɗɗen lokaci na biyu, da mai karin ƙasa ta umarni ko fata. Ɗalibin da ya rubuta "ta" ya nuna ya san jinsi, amma bai nuna ya san lokaci ba. Wanda yake son auna lokaci sai ya zaɓi gurbin jam'i, inda "sun" da "suka" da "su" suka bambanta a ido.

Iyaka ta biyu ta shafi alƙaluman da ake aro daga waje. A 1969 Earl Rankin da Joseph Culhane sun nuna cewa, ga yara masu karatu da Ingilishi, cin kusan kashi 61 cikin 100 a cike gurbi yana nufin yaro zai iya karanta matanin shi kaɗai, kusan kashi 41 kuma yana nufin zai iya da taimakon malami. An samo waɗannan alƙaluma ne da Ingilishi, da hanyar karɓar ainihin kalma kawai. Ɗan Maraɗin da ke sama ya ci kashi 60 ba tare da ya bi labarin ba. Ɗora ma'aunin wani harshe kan Hausa kai tsaye zai iya ba shi shaidar ƙwarewar da bai kai ba.

Iyaka ta uku ta shafi wata sabuwar siga da Ulrich Raatz da Christine Klein-Braley suka fito da ita a Jamus a farkon shekarun 1980, inda ake yanke rabin ƙarshe na kowace kalma ta biyu. Amfaninta shi ne tana rage yawan amsoshin da za su iya shiga gurbi. A Hausa tana da kyau wajen auna abin da ke ƙarshen kalma, kamar nasaba: idan aka bar "kas" daga "kasuwar", sai ɗalibi ya kawo "r" ta mace. Amma jinsin lamirin suna yana harafin farko ne. Idan aka bar "t" daga "ta", ko "y" daga "ya", an riga an ba da amsa.

Kammalawa

Matanin Jiratawa ya nuna cewa gurabe goma masu layi iri ɗaya suna iya neman abubuwa uku daban-daban daga mai karatu, kuma gusa ƙidaya da kalma ɗaya ya isa ya sauya rabonsu. Ya nuna kuma cewa takardar amsoshi tana iya mayar da karin harshe kuskure. Mai shirya gwaji da Hausa zai fi samun abin dogaro idan ya zaɓi gurabensa da gangan, ya rubuta a gefen kowanne nisan da amsarsa take buƙata, ya tabbatar aƙalla rabinsu suna tilasta haɗa sassan jimla ko tsallaka ta, ya gwada matanin a kan masu kare-karen harshen yankin, sannan ya ba kowane ɗalibi maki biyu, na nahawu da na fahimta. Ga ɗaliban kimiyyar harshe kuma akwai aiki a buɗe: a ɗauki matani ɗaya mai gurabe 50, a ba ƴan aji ɗaya a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, a gyara shi da hanyoyin nan biyu, a ga gurabe nawa ne makinsu ya sauya saboda karin harshe kaɗai.